Baƙar fata da man rana: ina gaskiyar maganar bitamin D da kansar fata?

Shin mai baƙar fata yana buƙatar man kariya daga rana? In ya shafa, ba zai rasa bitamin D ba? In kuma bai shafa ba, kansar fata za ta kama shi? Waɗannan tambayoyi uku sun zama abin gardama a gidajenmu na Zango, musamman tun da 'yan matanmu suka fara ganin masu tallar kayan kwalliya a waya suna cewa duk wadda ta fita ba ta shafa ba ta sayar da fatarta.

Na ji gardamar da kunnena a wani gidan suna a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Wata yarinya ta ciro 'yar kwalba daga jaka tana shafawa kafin ta fita, sai gwaggonta ta ce, "Ke 'yar nan, mu da muka yi shekara arba'in muna talla a kasuwar Kejetia rana ba ta cinye mu ba, sai ke?" Yarinyar ta ce, "Gwaggo, ai maganin kansa ne." Can gefe kuma wata yayarsu da ta zo hutu daga Landan ta sa baki, ta ce likitanta ya ɗora ta a kan ƙwayar bitamin D, don haka ita a ganinta man nan ba abin da zai yi sai ƙara hana jiki abin da dama bai ishe shi ba.

Kowace a cikinsu tana riƙe da wani yanki na gaskiya. Matsalar ita ce an ƙulla maganganu uku a igiya ɗaya, alhali kowace hanyarta daban. Wadda ta fi damuna kuwa babu wadda ta ambace ta: kansar da ta fi yi wa irinmu illa ba a fuska take fitowa ba, a tafin ƙafa take ɓuya, inda rana ba ta kaiwa.

Me baƙar fata take tarewa, me take bari ya wuce?

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake rubutawa UV a jikin kwalaben mai. Iri biyu ne ke iso mu. UVB shi ne mai ƙona saman fata, shi ne kuma mai sa fata ta haɗa bitamin D. UVA ya fi shiga can ciki, yana tsufar da fata, yana ƙara duhun tabo. Dukansu biyu suna iya lalata ƙwayoyin halittar fata, daga nan ne wasu nau'o'in kansa ke farawa.

Abin da ke sa fatarmu baƙi wani sinadari ne mai suna melanin. Yana zama kamar 'yar laima a kan kowace ƙwayar fata, yana shanye hasken kafin ya yi ɓarna. Wani tsohon bincike na 1979 ya auna wannan kariya, ya samu cewa ta baƙar fata ta kai kusan 13 a ma'aunin SPF, wato lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin kwalbar man rana, ta farar fata kuwa wajen 3. Shi ya sa a Amurka, inda ake ajiye lissafi sosai, ake ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 1,000 na baƙar fata ne zai kamu da kansar da ake kira melanoma a tsawon rayuwarsa, a fararen fata kuwa kusan 3 cikin 100. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba.

Sai dai laima ba rufin kwano ba ce. Kumasi ba ta kai digiri 7 daga tsakiyar duniya ba, rana tana tsayawa kusan a tsakar ka duk shekara. Mai baƙar fata ma yana ƙonewa, illa dai ba ja ake gani ba. Fatar ce za ta yi zafi, ta ɗaure, ta ƙara duhu, bayan kwana biyu ko uku ta fara saɓa. Kuma ba dukanmu ne launinmu ɗaya ba. A gida guda za ka samu baƙi wuluk, ka samu wankan tarwaɗa, ka samu mai haske irin na Fulani, kariyar kowa gwargwadon melanin ɗinsa.

Man rana yana hana bitamin D?

Bitamin D shi ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci ya kai wa ƙashi. Idan UVB ya taɓa fata sai ta fara haɗa shi, hanta ta sarrafa, ƙoda ta ƙarasa. Tun da aikin man rana shi ne tare UVB, hankali zai ɗauka cewa lallai ya hana. A ɗakin gwaji haka ne. A rayuwar yau da kullum kuwa lissafin ya sha bamban, kuma ga dalili.

Lambar SPF da ke jikin kwalba ana samun ta ne idan an lafta man da kauri, miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata. A hakan SPF 15 yana tare kusan kashi 93 cikin ɗari na UVB, SPF 30 kashi 97, SPF 50 kashi 98. Babu wanda ke tarewa duka. Sannan yawancin mutane rabin abin da ake so suke shafawa, ko ma ƙasa da haka, suna tsallake wurare, gumi kuma ya wanke wani. Mu da ke alwala sau biyar a yini ma ba a magana. Masana fata da suka tattara binciken da aka yi, suka wallafa a 2019, sun kai ga cewa shafa man rana yadda mutane suka saba shafawa ba ya jawo ƙarancin bitamin D ga mai lafiya.

To me ke jawo shi? Rashin haɗuwar fata da rana ne gaba ɗaya. Melanin da ke kare mu shi ne kuma ke rage saurin haɗa bitamin, don haka mai baƙar fata yana buƙatar lokaci mai tsawo a rana fiye da Bature kafin ya samu daidai da nasa. A Landan, daga wajen Oktoba zuwa Maris rana ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta haɗa komai, shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya ke shawartar masu baƙar fata su riƙa shan bitamin D kullum, duk shekara, 400 a ma'aunin IU da ake rubutawa a jikin kwalin ƙwayar. Likitan yayar nan ya yi daidai, amma don Landan ya yi, ba don Asawase ta nan Kumasi ba.

Kada kuma mu ce mu a nan mun tsira saboda rana ta yi mana yawa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya haɗa bincike daga ƙasashen Afirka da dama, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku bitamin D ɗinsa bai kai mizanin da ake so ba, kuma abin ya fi yawa ga mazauna birni da mata da jarirai. Ku duba rayuwarmu za ku ga dalili. Ma'aikaciyar banki tana shiga mota da sassafe, ta wuni cikin sanyin na'ura, ta fito bayan La'asar. Gilashin taga yana tare UVB, zaman bakin taga ba ya ƙara komai. Mai jego tana ɗaki kwana arba'in. Tsohuwa da ƙafa ta hana ta fita tana kwance a ƙuryar ɗaki wata da watanni. Matar da ke rufe jikinta duka idan za ta fita, gidan haya kuma babu tsakar gidan da za ta sake, ita ma tana cikin wannan sahu.

Gyaran ba shi da wuya kuma bai taɓa sutura ko addini ba. A samu wuri a cikin gida inda rana ke sauka, a bar hannuwa da ƙwauri su sha ta na ɗan lokaci, sau da yawa a mako. Hantsi ya fi sassafe, domin hasken da ke haɗa bitamin yana ƙarfi ne lokacin da inuwar mutum ta fi shi gajarta. A ci kifi mai maiƙo, irin su amane da saman da sadin na gwangwani, da gwaiduwar ƙwai. Wanda ke fama da ciwon ƙashi ko raunin cinya, har tashi daga tabarma ya zama aiki, ya nemi gwajin jini mai suna 25(OH)D. Ƙasa da 12 ng/mL ƙaranci ne na gaske, 20 zuwa sama ya wadatar da yawancin mutane. Babba yana buƙatar wajen IU 600 a rana, kuma bai kamata ya wuce 4,000 ba sai da umarnin likita. Ƙwayoyin nan masu IU 50,000 da 'yan uwa ke aiko mana daga Turai da Amurka magani ne na ɗan lokaci, ba na kullum ba. Rana ba ta cika wa jiki bitamin D har ya yi yawa, amma ƙwaya tana yi, ta tara kalsiyam a jini, ta jawo tsakuwar ƙoda.

Wani ɗan ƙarin bayani ga iyaye: ba kowane yaro mai bakan ƙafa ne ya rasa rana ba. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yaran can ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya fi lanƙwasa musu ƙafa. A kai yaro a duba shi kafin a sayi kowace ƙwaya.

Kansar da ke ɓuya a tafin ƙafa

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ake rasa rai.

Manyan gwaje-gwajen da suka nuna cewa man rana yana rage kansar fata a kan fararen fata aka yi su, mafi shahara a Ostireliya. Su kansarsu tana fitowa a fuska da baya da kafaɗa. Tamu kuwa, idan melanoma ce, ta fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Wannan nau'in ba rana ce ke kawo shi ba, ko kwalba goma ka shafa ba za ta hana shi ba. Shi ne ya kashe Bob Marley a 1981 yana da shekara 36. A ɗan yatsan ƙafa ya fara, aka ɗauka raunin ƙwallo ne.

Ni ba a littafi na fara sanin sa ba. Wani kawuna mai sayar da kayan gyaran mota ya ga wani baƙin tabo a dunduniyarsa, bai kai girman ƙwayar wake ba. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Ya ce ƙusa ce ya taka a gareji. Wata shida tabon yana nan, har ya faɗaɗa, gefensa ya zama kamar inda tawada ta malale a takarda, wani wurin baƙi ƙirin, wani wurin ruwan ƙasa. Ya sa aka kankare masa da reza a kan cewa kanta ce. Ya warke, ya dawo. Daga nan sai wurin ya ɗago, ya fashe, yana ɓata masa safa da jini. Ya shiga sayen man shafawa a kantin magani, wannan ya ƙare a canza wani, aka haɗa da na gargajiya. Duk wanda ya gani sai ya ce a auna sukari. An auna, lafiya lau.

Ranar da na gan shi yana alwala yana kauce wa dunduniyar, na ce, "Kawu, wannan ciwon watansa nawa?" Ya ce, "Ɗana, ai ya haura shekara, gyambo ne kawai." Na taɓa matsematsinsa na wannan ɓangaren, sai na ji kaluluwa mai tauri kamar goro, ba ta kuma yi masa zafi. Kaluluwar ƙurji tana ciwo, ta sauka in ƙurjin ya warke. Wannan ba haka take ba.

A asibiti suka yanki ɗan nama suka kai ɗakin gwaji. Sakamakon ya ce melanoma ce, kaurinta ya wuce milimita 4. Wannan lamba ita ce komai a cutar. Likitoci suna auna zurfin da ta nutsa cikin fata. Idan bai kai milimita 1 ba, yawanci yanke wurin da ɗan abin da ke kewaye da shi ya wadatar, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Idan ta wuce 4, ko ta kai ga kaluluwa, to ta sami hanyar huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. An yi masa aiki, an cire kaluluwar, amma bai cika shekara biyu ba. Tsakanin tabon da bai kai wake ba da wannan kaluluwa akwai fiye da shekara guda, kuma a cikinta kullum sai ya wanke ƙafar nan sau biyar.

Na farce yana da rikitarwa, don haka a saurara. Baƙin layi a tsawon farce abu ne da aka saba gani ga masu baƙar fata, sau da yawa a yatsu da dama, kuma ba komai ba ne. Wanda ake tsoro shi ne layi a yatsa ɗaya tak, musamman babban yatsan hannu ko na ƙafa, wanda ya fito sabo ga babban mutum, faɗinsa ya kai milimita 3 ko yana ƙaruwa, ko baƙin ya tsallako daga farce ya hau fatar da ke gindinsa, ko farcen ya fara tsagewa. Jinin da ya taru saboda buguwa yana tafiya gaba tare da farce, bayan wata ɗaya ko biyu za ka ga farce mai tsabta ya biyo bayansa daga gindi. Na kansa ba ya matsawa.

Akwai kuma nau'i na biyu, wanda ma ya fi melanoma yawa a cikin baƙar fata. Shi sau da yawa a tsohon tabo yake tashi: inda wuta ko ruwan zafi ya taɓa ƙonawa tun ƙuruciya, ko gyambon ƙwauri da ya ƙi warkewa shekara da shekaru, ko tabon gyambon Buruli da aka sani a yankin Amansie. Tabo zai yi shekara ashirin ko talatin shiru, sai rana ɗaya ya buɗe, bakinsa ya yi tudu ya juyo waje, yana wari, yana zubar jini da an taɓa. Wannan ba na wanki da ɗauri ba ne kawai. Sai an yanki nama an gwada.

To su wa man ranan ya zama wa dole?

Na farko, zabiya. Su melanin ɗinsu kaɗan ne ƙwarai ko babu, kuma suna ƙarƙashin rana ɗaya da mu. A Afirka da yawansu kansar fata kan same su tun suna shekara ashirin da wani abu ko talatin, a fuska da kunne da wuya da bayan hannu. Gare su man rana magani ne kamar kowane magani: SPF 50, kullum, ko da hadari, tare da malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu da tabarau. Wurin da ya yi kaushi kamar an barbaɗa yashi, yana saɓa yana dawowa, shi ne gargaɗin farko, kuma likitan fata yana iya daskarar da shi ya mutu kafin ya zama kansa. Yana ƙona mini rai in ga yaro zabiya an ɗora masa farantin talla da tsakar rana, ko an tsayar da shi a filin makaranta babu hula. Wanda ke neman inda zai yi sadaka, kwalbar man nan a hannun uwar irin wannan yaro ta fi ta a kan madubin kowa amfani.

Na biyu, masu shafa man bilicin. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana kayan shafa masu haidirokwinon tun 2016, amma kowa ya san ana samun su, har da haɗe-haɗen da ba su da suna, masu ɗauke da kilobetasol ko zaiba. Waɗannan suna kashe melanin, wasu kuma suna sirantar da fata. Mai shafa su ta tuɓe laimar da aka haife ta da ita, ta fita ranar Kumasi. Baƙin da ke fitowa a kumatu da gefen ido bayan shekaru, wanda ba ya jin kowane mai, daga nan yake, kuma likitocin fata a Dakar sun ba da rahoton kansar fata ga matan da suka daɗe suna bilicin. Man rana zai rage ɓarna, amma maganin gaskiya shi ne dainawa, kuma a daina a hannun likita, domin fatar da ta saba da irin kilobetasol tana tayar da ƙuraje idan aka yanke mata shi dare ɗaya.

Na uku, masu tabon fuska: baƙin da ciki ko maganin tazarar haihuwa ke kawowa a kumatu da goshi, da tabon da kurajen fuska ke bari. A nan 'yar Aboabo tana da hujja, ko da yake ba ta kansa ba ce. Rana tana ƙara wa waɗannan tabo duhu, kuma ga baƙar fata har hasken da ido ke gani yana yin haka, ba UV kaɗai ba. Shi ya sa man rana mai launin fata, wanda aka sa wa sinadarin ayon oksaid, ya fi farin nan da ke mayar da fuska kamar an shafa toka. Masu cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin kansa, da wanda aka dasa wa ƙoda, da mai shan maganin da ke sa fata jin rana kamar doksisaikilin, su ma suna cikin wannan layi.

Ga wanda zai shafa, yawan da aka shafa ya fi lambar kwalba muhimmanci. A nemi SPF 30 zuwa sama, wanda aka rubuta cewa yana tare UVA. Fuska da wuya suna cin kusan rabin ƙaramin cokalin shayi, wato mililita 2 da rabi. Kwalba mai mililita 50 ke nan shafawa 20 ce. Idan taki ta yi wata uku kina shafawa kullum, abin da ke fuskarki bai kai rabin lambar da kika biya kuɗinta ba. Wadda ke cikin rana ta sake bayan awa biyu, da bayan alwalar Azahar. Man kaɗe yana da kyau ga bushewar hunturu, amma ba ya maye gurbin wannan.

Sauran jama'a, mai baƙar fata lafiyayye da ba shi da tabon da ke damunsa, in ya shafa bai yi laifi ba kuma ba zai rasa bitamin D ba, in bai shafa ba babu wata hujja mai ƙarfi da ta ce ya jefa kansa cikin haɗarin kansa. Ga ɗan kayaye da mai tura baro da makanike a Suame, hula da inuwa da ruwan sha sun fi araha, sun kuma fi dorewa.

Duban da ba ya cin ko sidi ɗaya

Sau ɗaya a wata, bayan alwala, a zauna inda haske yake a ɗaga ƙafa a duba tafin duka, da dunduniya, da tsakanin yatsu, da farce ashirin. Wanda ƙugu ko ƙiba ba za su bar shi ba ya sa madubi a ƙasa, ko ya ba jikansa waya ya ɗauki hoto. Mata su yi wannan duba kafin a sa lalle, don lalle yana rufe tafin ƙafa da farce makonni, wasu kuma wani bai gama fita ba ake ɗora wani. A duba wa tsofaffi, su ne cutar ta fi samu kuma su ne ido ya yi wa rauni.

Idan an ga tabo, a ajiye kwabo ko ma'auni kusa da shi a ɗauki hoto, a rubuta ranar. Wanda ya wuce faɗin milimita 6 ko 7, ko launinsa ya kasu, ko gefensa ba daidai ba, ko yana girma, kada a jira. Haka duk ciwon da ya yi wata guda ana magani bai kama hanyar warkewa ba. Kada a kankare, kada a ƙona, kada a sa masa ƙaho, domin hakan yana ɓata naman da za a gwada kuma ba ya cire saiwar. A je asibitin unguwa a karɓi takardar turawa zuwa sashen fata ko na tiyata a babban asibitin Komfo Anokye, na Akra kuma asibitin Korle Bu. In an shiga wurin likita a faɗi watannin da tabon ya yi, a nuna hotunan, sannan a yi tambayar kai tsaye: "Likita, wannan ba ya buƙatar a yanki nama a gwada?"